Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitocin ƙwaƙwalwa masu rubuta takardar sallama

Zuwa ga manyan likitoci, shugabannin sassan kwantar da masu lalurar ƙwaƙwalwa, da ƙananan likitocin da ke aiki a ƙarƙashinsu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na likitan matakin farko, wato wanda majiyyatanku ke komawa hannunsa bayan kun sallame su. Magana ɗaya ce ta kawo ni, kuma a kan takardar sallama take. Roƙona shi ne ku riƙa rubuta ta ta yadda likitan da bai taɓa ganin majiyyacin a gadon asibiti ba zai karanta shafin farko ya san abin da zai auna, da ranar da zai auna shi, da sakamakon da ya kamata ya sa shi ɗaukar mataki, da kuma wanda zai kira idan hakan ta faru. Zan tsaya a kan misali ɗaya, na majiyyacin da aka sallama yana shan litiyam, domin a nan ne giɓin takarda ya fi saurin komawa cuta a jikin mutum.

Bari in fara da abin da ya faru a hannuna. Wata mata mai shekara 46, mai ciwon baifola, wato lalurar da ke kai mutum tsakanin tashin zumuɗi mai tsanani da matsananciyar damuwa, ta yi mako uku a kwance a wani sashen ƙwaƙwalwa bayan ciwon ya taso mata. An ɗora ta a kan litiyam da olanzafin, aka ƙara mata lorazefam na barci, ta samu sauƙi, aka sallame ta. Takardar sallamarta ta iso mana bayan kusan mako uku, shafi huɗu cur. Shafi uku da rabi labarin yarintarta ne da aurenta da yadda ta kasance a kowane zagayen duba marasa lafiya, kuma an rubuta shi da kyau ƙwarai. A ƙarshen shafi na huɗu ne aka yi mana layi biyu, cewa ta ci gaba da magungunanta, likitanta ya riƙa duba litiyam a jini, kuma za a gan ta a asibitin ƙwaƙwalwa nan gaba. A cikin jerin gwaje-gwaje akwai adadin litiyam 0.5 mmol/L, babu kwanan wata a gefensa.

A mako na biyar bayan sallama ta zo da ciwon gwiwa, abokin aikina ya rubuta mata diklofenak. Kwana tara bayan nan sai gudawa ta kama ta, kuma ranar da 'yarta ta rako ta wurina, na ga abin da ba zan manta ba. Na miƙa mata kofin ruwa, hannunta yana karkarwa har ruwan ya zube a cinyarta kafin ya kai bakinta. Da na ce ta tashi ta taka zuwa ƙofa, sai ta riƙa dafa bango tana tangaɗi, maganarta kuma tana fita a jajjaye kamar harshenta ya yi nauyi. Na tura ta sashen gaggawa nan take. Litiyam ɗin jininta ya kai 1.9, kiriyatinin kuma, wato ma'aunin aikin ƙoda, ya kai 128. Sai da na yi ta bugun waya washegari kafin na samu labarin cewa kiriyatinin ɗinta 74 ne lokacin da aka kwantar da ita, kuma an ƙara mata litiyam daga miligiram 600 zuwa 800 kwana uku kacal kafin sallama. Ashe wancan 0.5 ɗin na tsohon adadin magani ne, kuma tun da aka ƙara babu wanda ya sake aunawa, ba ku ba, ba mu ba.

Ta warke, ƙodarta ta dawo daidai. Ba na kuma ɗora muku laifin duka, domin namu kason yana nan: bai kamata a ba mai shan litiyam diklofenak ba, kuma ni kaina na ga kalmar "a riƙa dubawa" na ɗauka wata uku ake nufi, ban ɗaga waya na tambaya ba. Amma da takardar ta faɗi ranar da aka ƙara magani da ranar gwaji na gaba, da ta ambaci magungunan da za a guje wa a saman shafin farko, da wuya abin ya kai inda ya kai.

Kun fi ni sanin halin litiyam, amma zan faɗi dalilin da ya sa yake ba mu tsoro a namu ɓangaren. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke zama guba ƙanƙanuwa ce. Ga wanda aka fara ba shi, galibi ana neman 0.6 zuwa 0.8 mmol/L, wani lokaci a kai 0.8 zuwa 1.0 ga wanda ciwon ya sake taso masa yana kan magani, alhali daga 1.5 alamun guba sukan bayyana, sama da 2.0 kuwa rai na cikin haɗari. Ta ƙoda yake fita daga jiki, kuma ƙoda tana mu'amala da shi kamar yadda take yi da gishirin sodiyam, don haka duk abin da ya sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa zai sa ya riƙe litiyam. Gudawa, amai, zazzaɓi, yawan gumi da rage cin gishiri farat ɗaya duk suna cikin wannan. Haka ma magungunan da mu muka fi kowa rubutawa a kullum, wato na ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da na hawan jini masu sa fitsari irin su haidirokulorotayazaid, da dangin lisinofiril da losatan. Ke nan ku ne kuke fara maganin, amma abubuwan da ke mayar da shi guba a ɗakin dubawarmu suke faruwa, shi ya sa takardar da ke haɗa mu take da nauyin da take da shi.

Abu na farko da nake roƙo shi ne kowane adadi ya zo da kwanan watansa da yanayin da aka same shi. Adadin litiyam a jini ba ya fassaruwa sai an san abu uku: miligiram nawa majiyyaci yake sha a lokacin, kwana nawa ya yi a kan wannan adadin, da kuma awa nawa tsakanin shan magani na ƙarshe da ɗibar jini. Ana ɗibar jinin ne awa 12 bayan sha na ƙarshe, kuma sai magani ya yi kwana biyar zuwa bakwai a adadi ɗaya kafin ya daidaita a jini. Idan aka ɗiba awa uku bayan sha, sakamakon zai yi sama ya tayar da hankali a banza, idan kuma majiyyaci ya tsallake na jiya da dare, sakamakon zai yi ƙasa ya ja mu ga ƙara magani ba bisa ƙa'ida ba. Da an rubuta cewa 0.5 ɗin nan an same shi ranar 3 ga Maris a kan miligiram 600, kuma an ƙara zuwa 800 ranar Juma'a 7 ga Maris, da na yi lissafi cewa sabon adadin zai tsaya wajen 0.65 zuwa 0.7 idan ƙoda ba ta sauya ba, da kuma na san cewa babu wanda ya tabbatar da hakan tukuna. Haka nan ku rubuta sunan kamfanin da nau'in ƙwayar, mai saurin narkewa ce ko mai sakin magani a hankali, domin sauya nau'i yakan sauya adadin da ke shiga jini.

Wannan ya shafi sauran gwaje-gwajen tushe ma. Kada a rubuta mana cewa ƙoda lafiya, tayirod lafiya. A rubuta kiriyatinin 74 da eGFR da ranar da aka auna, a rubuta TSH da kalsiyam da nauyin jiki da bugun jini, da sakamakon ECG idan an yi. Dalili shi ne abin da muke bibiya sauyi ne, kuma ba a gane sauyi sai an san daga inda aka taso. Kiriyatinin 100 zai iya wucewa a takardar ɗakin gwaji ba tare da an yi masa alama ba, amma ga matar da ta taso daga 74, wannan raguwar aikin ƙoda ce da ta isa ta sa a sake auna litiyam a makon.

Abu na biyu, wanda shi ne zuciyar wasiƙar nan, shi ne a daina rubuta mana lokaci da kalmomi irin su "a kai a kai" da "nan gaba" da "yadda ya dace". A rubuta ranar. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2014 kan ciwon baifola ta tsara abin a fili: a auna litiyam mako ɗaya bayan farawa da mako ɗaya bayan kowane sauyin adadi, a ci gaba mako-mako har ya daidaita, sannan duk wata uku a shekarar farko, bayan nan duk wata shida, sai dai ga tsofaffi da masu raunin ƙoda da masu shan magungunan da ke karo da shi, waɗanda za a ci gaba da duba su duk wata uku. Ƙoda da tayirod da kalsiyam da nauyi kuma duk wata shida. Na san wannan jadawalin, kuma da yawa daga abokan aikina sun san shi. Abin da ba mu sani ba shi ne a wane mataki na jadawalin wannan majiyyacin yake a ranar da ya baro hannunku, domin ku kaɗai kuka san ranar da agogon ya fara bugawa. Mayar da ƙa'ida zuwa kwanan wata aikin minti biyu ne ga wanda fayil ke gabansa, amma ga wanda babu fayil a gabansa hasashe ne.

Ga yadda nake ganin ya kamata saman takardar matar nan ya kasance, kuma na rubuta shi da jimloli kamar yadda zan so in karanta shi. An sallame ta ranar Litinin 10 ga Maris. Tana shan litiyam miligiram 800 da ƙarfe tara na dare, an ƙara shi daga 600 ranar 7 ga Maris, kuma ba a auna jini a kan sabon adadin ba. Muna roƙon ku ɗibi jini ranar Juma'a 14 ga Maris da ƙarfe tara na safe, ku maimaita ranar 21 da ranar 28, kuma idan sakamako biyu a jere suka tsaya tsakanin 0.6 da 0.8, gwaji na gaba ƙarshen Yuni ne. Idan ya gaza 0.6, ku tambaye ta ko tana tsallake magani, ku sanar da mu cikin makon, kada ku ƙara da kanku. Idan ya ɗara 0.8 bai kai 1.0 ba, ku sanar da mu cikin makon. Idan ya wuce 1.0, ku tabbatar da lokacin da aka ɗibi jinin, ku auna ƙoda, ku kira mu a ranar. Idan ya kai 1.5, ko kuma ta nuna alamun guba ko nawa ne adadin, ta dakatar da litiyam a kai ta sashen gaggawa. Kada a ba ta diklofenak ko ibufurofen ko danginsu, farasitamol ya halatta, kuma idan za a fara mata maganin hawan jini a tuntuɓe mu kafin a zaɓi mai sa fitsari ko dangin lisinofiril. Wannan bai kai rabin shafi ba, amma ya ƙunshi duk abin da ni da abokin aikina muka rasa.

Ku lura cewa kowane adadi a wannan rubutun yana tafe da umarni. Wannan shi ne abu na uku. Bai wadatar a ce mu auna ba, sai an faɗa mana abin da za mu yi da sakamakon, domin iyakar da kuka zaɓa wa wannan majiyyaci ta yiwu ta bambanta da ta littafi. Tsoho mai shekara 75 da kuke son ya tsaya a 0.4 zuwa 0.6 zai zo mana da 0.9, takardar ɗakin gwaji ta nuna yana cikin iyaka, mu kuma mu wuce shi, alhali a wurinsa wannan ya yi yawa. Sau da yawa kuma sakamako yakan fito ne da yammacin ranar ƙarshen mako, a hannun likitan da bai san majiyyacin ba, kuma shi ne zai yanke shawara ko matar za ta sha ƙwayarta a daren. Layi ɗaya daga gare ku zai hana shi yin ɗaya daga kurakurai biyu, ko dai ya bar ta ta ci gaba da sha a kan guba, ko kuma ya tsorata ya dakatar da maganin ba dalili. Na biyun ma ba ƙaramin abu ba ne, domin yanke litiyam farat ɗaya yana ƙara haɗarin dawowar ciwon, shi ya sa idan babu guba ake janye shi a hankali cikin aƙalla mako huɗu.

A kan alamun guba kuma, ina roƙon ku bambance mana su da illolin da aka saba gani, kuma ku faɗi waɗanda majiyyacin ya riga ya fita da su. 'Yar rawar hannu mai laushi, ƙishirwa da yawan fitsari sun zama ruwan dare ga masu shan litiyam. Karkarwa mai ƙarfi, tangaɗi, nauyin harshe, fizgar tsoka, amai da gudawa, yawan gyangyaɗi da ruɗewa su ne ke nuna guba. Idan kun rubuta cewa ta fita da 'yar rawar hannu da ba ta hana ta rubutu ko riƙe kofi, to ranar da na ga ruwa yana zubewa na san sabon abu ne ya faru. Ga wanda ya daɗe yana shan maganin, alamun ƙwaƙwalwa sukan fi abin da jini ya nuna tsanani, saboda haka jumlar nan ta "ko nawa ne adadin" tana da muhimmanci a rubuce. Ku kuma faɗa mana ko an koya wa majiyyaciyar da wanda ke kula da ita abin da za ta yi ranar da ta kamu da gudawa ko amai, domin idan ba a koya mata ba, aikin ya dawo kanmu a haɗuwar farko.

Olanzafin yana da nasa jadawalin, kuma zan taƙaita a kansa domin haɗarinsa a hankali yake zuwa. Yana ƙara ƙiba, yana ɗaga sukari da kitsen jini. Ana auna nauyi mako-mako a makonni shida na farko, sannan a mako na 12 a auna nauyi da bugun jini da sukari da HbA1c da kitse, a maimaita a cikar shekara. Tun da an fara wa matar nan ranar 17 ga Fabrairu, makonni shida suna cika ranar 31 ga Maris, mako na 12 kuma ranar 12 ga Mayu, kuma waɗannan ranakun nake so in gani, tare da nauyinta na ranar kwantarwa da na ranar sallama. Idan majiyyaci mai shan taba ne, ku ambata, domin hayaƙin taba yana sa hanta ta fi saurin narkar da olanzafin, wanda ya daina sha a asibiti ya koma bayan sallama adadin maganin zai ragu a jininsa, wanda kuma ya bari a gida zai iya samun kansa cikin yawan barci. Ku kuma faɗi niyyarku game da maganin: na dindindin ne, ko kuwa za ku janye shi idan litiyam ya kama?

Tambayar niyya ta fi zafi a kan magungunan barci da kwantar da hankali. Lorazefam ɗin da aka ba matar nan na 'yan kwanaki ne, amma takardar ta lissafa shi tare da sauran ba tare da ranar tsayawa ba, kuma maganin da ya shiga jerin da ake sabuntawa kowane wata yakan zauna a ciki shekaru, har jiki ya saba da shi ya zama da wuyar bari. Abin da ake buƙata jumla ɗaya ce: miligiram ɗaya da dare har zuwa 17 ga Maris, rabin miligiram har zuwa 24, daga nan a tsaya, kada a sabunta. Haka kuma duk maganin da kuka dakatar a asibiti, ku rubuta cewa kun dakatar da dalilin hakan. Mai baifola da ya shigo yana shan maganin damuwa irin su fuluwoksetin, kuka cire shi saboda yana iya rura zumuɗi, idan takarda ta yi shiru a kansa, to yana nan a kundinmu, kuma akwai yiwuwar a sake rubuta masa shi a wata mai zuwa da kyakkyawar niyya.

Na bar mafi nauyi zuwa yanzu. Kwanakin farko bayan sallama suna cikin lokutan da haɗarin kashe kai ya fi yawa a rayuwar mai lalurar ƙwaƙwalwa, kuma saboda haka ne a Ingila aka rage wa'adin ganin majiyyaci bayan sallama daga kwana bakwai zuwa awa 72. Takardar da ta iso bayan mako uku ta riga ta rasa wannan lokacin gaba ɗaya. Idan cikakken rahoto ba zai kammala ba sai an jira sa hannun babban likita, to ku aiko da rabin shafin nan a ranar sallama, ku kuma ba majiyyacin kwafi a hannunsa, sauran ya biyo baya. A ciki ku rubuta wanda zai gan shi cikin kwana uku, da suna ko muƙami, da rana da wuri, kamar a ce ma'aikaciyar jinya ta sashenmu za ta gan ta ranar Alhamis 13 ga Maris, kuma idan ba ta zo ba mu ne za mu neme ta. Wannan ƙarshen jumlar yana rufe ramin da mutane da yawa ke faɗawa, inda ku kuke zaton mu muna bibiya, mu kuma muna zaton ku ne.

Game da haɗarin kansa, kalmar "ƙarami" ko "matsakaici" ba ta ba ni abin da zan yi aiki da shi. Ku gaya mini ko ta taɓa yunƙurin halaka kanta, ta wace hanya kuma yaushe, da abin da ke tayar mata da hankali, da wanda take jin maganarsa. Wannan yana da alaƙa kai tsaye da alƙalamina, domin litiyam magani ne mai kisa idan aka sha da yawa, kuma idan ta taɓa haɗiyar ƙwayoyi, ya kamata ku ce a riƙa ba ta na mako ɗaya ko biyu kawai, ku faɗi na kwana nawa kuka sallame ta da shi da ranar da zai ƙare, da wanda zai rubuta na gaba. Alamun dawowar ciwo ma a rubuta nata na kanta, ba na littafi ba. 'Yar matar nan ta gaya mini daga baya cewa kowane tashin ciwon mahaifiyarta da abu ɗaya yake farawa: sai ta kwana biyu tana barcin da bai kai awa huɗu ba kuma ba ta jin gajiya, ta tashi tsakar dare tana gyaran ɗaki, ta fara kiran mutanen da ta shekara ba ta kira ba. Ma'aikatanku sun ji wannan labarin a lokacin kwantarwa, yana cikin shafi na biyu a tsakiyar tarihi, amma wurinsa shafin farko ne, tare da cewa idan an ga haka a kira ku a ranar. Ga mace mai shekarun haihuwa kuma, ku rubuta ko an tattauna batun juna biyu da tsarin iyali, domin litiyam yana buƙatar shiri kafin ciki, balfurowet kuwa, wani maganin baifolar, haɗarinsa ga ɗan tayi ya fi haka nesa.

Na san yanayin da ake rubuta waɗannan takardu. Galibi ƙaramin likita ne yake rubutawa a ƙarshen yini, wani lokaci a kan majiyyacin da bai fi sau biyu ya gani ba, ga gado ana jira, ga wasu takardu biyar a gabansa. Shi ya sa roƙon nawa yake fuskantar shugabannin sassa fiye da su. Ku sauya tsarin takardar yadda akwatin farko zai zama na abin da ake so likitan matakin farko ya yi, da gurbin gwaji, da gurbin rana, da gurbin iyaka, da gurbin mataki, ta yadda ba za a iya rufe takardar ba sai an cike su. Babban likita ya duba wannan akwatin da idonsa a zagayen ƙarshe kafin majiyyaci ya fita, ko da bai karanta sauran ba tukuna. A guji gajerun haruffan da ku kaɗai kuka saba da su. Tarihin ma muna so, ina karanta shi kuma yana taimaka mini in fahimci mutumin da ke gabana, sai dai ya zo bayan abin da ba ya jira.

Akwai iyaka ga abin da za mu iya, kuma gara a faɗe ta tun kafin sallama. Ba kowane ɗakin gwaji ne ke auna litiyam ba, wani wurin kuma sakamako yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Idan kuna shirin sallamar mutum a kan maganin da ke buƙatar gwajin jini mako-mako, ku bugo waya ku tambaya ko za mu iya, domin idan ba za mu iya ba, ya fi dacewa ku riƙe gwajin a hannunku har adadin ya daidaita sannan ku miƙo mana, kuma takardar ta faɗi ranar miƙawar. Kulozafin, mai buƙatar ƙirgen fararen ƙwayoyin jini mako-mako a watannin farko, ya fi litiyam buƙatar wannan yarjejeniyar. Mu kuma a namu ɓangaren, tun bayan abin da ya sami matar nan, muna sanya alama a kundin duk mai shan litiyam yadda gargaɗi zai bayyana kafin a rubuta masa maganin ciwon jiki, kuma duk takardar da ta zo babu ranar gwaji, muna kiran sashen da ya aiko ta a ranar da ta iso. Don kiran ya yi amfani, ina roƙon ku sa lambar da likita ko ma'aikacin jinya na sashen zai ɗauka, tare da lambar da za a kira da dare da ranakun hutu, a saman shafin farko kusa da sunan majiyyaci.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa.

Naku cikin girmamawa,
Abokin aikinku, likitan matakin farko.